Tsohon Kare Ba Lalaci Yake Yi Ba, Gaɓoɓinsa Ne Ke Ciwo

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, yau maganarmu a kan kare ce. Ba kowane kare ba, tsohon kare: wanda ya shekara takwas ko goma yana tsaron garka, ko yana kwana bakin garke, ko yana bin maigidansa farauta, yanzu kuma tashi ma ya zame masa aiki. A ƙauyukanmu abu biyu aka saba yi wa irin wannan kare. Wasu su ce ya zama rago, su yi ta korarsa da sanda don ya tashi. Wasu kuma su ji tausayinsa, su ɗaure shi gindin itace, su ce ya huta. A ganina duka biyun cuta ce. Abin da yake bukata shi ne shimfiɗa mai taushi da ƴar tafiya kaɗan kowace rana, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ke cin ko dala.

Na san wani zai ce, a shafin da ake maganar hatsi da lafiyar yara, me ya kawo kare? Amsa ita ce, kare ma'aikaci ne. Mai garkar albasa ko ta tumatir ya san abin da awaki da ɓarayi za su yi masa in babu haushi da dare. Makiyayi ya san wanda ke fara jin dila kafin kowa ya farka. Addini ma ya yarda a ajiye kare don farauta da tsaron gona da tsaron dabbobi, kuma malamai suna karanta mana labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai jin ƙishirwa. Dabbar da ka ajiye, ta yi maka aiki da ƙuruciyarta, haƙƙinta na wuyanka in ta tsufa. Ga kuma wani abu: tsohon kare ko ba ya iya gudu, hancinsa na aiki, bakinsa na haushi, kuma ƙananan karnuka suna koyon tsaro ta wurin binsa.

Abin da ke faruwa cikin gaɓa

Duk wanda ya taɓa fiɗar akuya ya ga kan ƙashi wurin gwiwa. Akwai wani farin abu mai santsi da ya rufe shi, shi ne guringuntsi. Shi ke sa ƙashi biyu su goga juna ba tare da ciwo ba. A jikin kare ma haka abin yake. Da shekaru suka yi yawa, ko kuwa in kare ya taɓa karyewa ko gocewar ƙashi, wannan guringuntsi yakan cinye kaɗan kaɗan. Sai gaɓar ta kumbura daga ciki, ta yi tauri, motsi ya zama da zafi. Irin ciwon nan ne tsofaffinmu suke kira sanyin ƙashi. Ga kare ya fi kama kwatangwalo da gwiwa da gwiwar ƙafar gaba da kuma ƙashin baya. A karnuka masu matsakaicin jiki irin namu, daga shekara bakwai ko takwas ake fara lura da shi.

Guringuntsin da ya cinye ba ya komawa. Gara a faɗi wannan tun da wuri, don kada wani ya sayar muku da ƙarya. Amma ciwon yana raguwa, tafiya tana gyaruwa, in an san abin da ke tsananta shi.

Yadda ake gane shi ba wuya. Ku dubi karen da safe lokacin da zai tashi. Yakan fara miƙe ƙafafun gaba, ya daɗe yana jan na baya. Takunsa na farko gajeru ne, kamar an ɗaure masa ƙafa. In ya ɗan yi tafiya sai jiki ya saki, ɗingishin ya ragu. In ya sake kwanciya ya daɗe, taurin ya dawo. Wannan ita ce babbar alama: ciwo bayan hutu, sauƙi bayan ƴar tafiya. Za ku ga kuma ya daina tsallake dangar da ya saba tsallakewa, yana yawan lasar gaɓa ɗaya, cinyarsa ta baya ta motse. Abin yana zuwa a hankali, cikin watanni, kuma ya fi tsanani lokacin ɗari. Kada ku jira ya yi kuka. Kare ba safai yake kukan irin wannan ciwo ba, sai dai ya rage motsi.

A nan akwai abin da tilas a yi hattara da shi, domin ba kowane ɗingishi ne na tsufa ba. In ɗingishin ya zo farat ɗaya a ƙafa guda, ku fara duba tafin ƙafar, wataƙila ƙaya ce, ko ƙarangiya ta shige tsakanin yatsu. In kare ya ƙi abinci, jikinsa ya yi zafi, dasashinsa ya yi fari, ga kaska a kunne, wannan zazzaɓin da kaska ke kawowa ne, aikin likitan dabbobi ne. Mafi haɗari kuwa shi ne haukan kare. Ba kullum yake zuwa da cizo da gudu ba. Wani lokaci ƙafafun baya ne ke mutuwa cikin ƴan kwanaki, muƙamuƙi ya saki, yawu yana zuba, murya ta sāke, halin karen ya canza. Irin wannan kare ba a taɓa shi, ba a sa masa hannu a baki. A tsare shi inda ba zai kai ga kowa ba, a kira ma'aikatan kiwo. Wanda ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, ya tafi asibiti a ranar. Sanyin ƙashi ba ya sa yawu, ba ya gaggawa. Tsufa kuma ba ya ɗauke wa kare allurar rigakafin hauka, a ci gaba da yi masa a kan lokaci.

Shimfiɗa

Ƙaramin kare yana da nama a jiki, in ya kwanta ƙasa naman ne ke tare masa. Tsohon kare namansa ya ragu, ƙashi ne ke dannar ƙasa. Ku dubi gwiwar ƙafarsa ta gaba, za ku ga gashi ya zube, fata ta yi kanta. Wannan kantar a kan ƙasa mai tauri takan tsage ta zama miki. Karnukan farauta sirara, irin na Azawak da ake gani arewacin Tahoua, su suka fi shan wannan wahala, don ba su da kitse, gashinsu kuma gajere ne. A watannin Disamba da Janairu sanyin dare yakan sauka ƙasa da digiri 15, ƙasa ta yi ta zuƙe ɗumin jikin dabbar har asuba. Gaɓa mai ciwo in ta kwana cikin sanyi, da safe sai ta ƙage.

Ga yadda ake yin shimfiɗar. A samu tsohon buhun algarara, irin na zare, ba na leda mai santsi ba, don na leda yana zamewa in kare zai tashi, yana kuma riƙe fitsari. A tabbata buhun bai taɓa ɗaukar takin zamani ko maganin ƙwari ba, saboda kare yana lasar inda yake kwana. A cusa masa busasshiyar ciyawa mai laushi wadda aka tsince wa ƙarangiya, ko tsummoki, ko audugar rimi, ko guntun tsohuwar katifar soso in akwai. Kada a sa ƙaiƙayin hatsi, yana sa ƙaiƙayi kamar sunansa. A ɗinke baki. Kauri ya kai faɗin tafin hannu, wato kamar santimita 10. Gwajin shi ne ka dunƙule hannu ka danna da ƙarfi: in ka ji ƙasa, a ƙara ciko. Tsawo kuma ya isa karen ya kwanta a gefe ya miƙe ƙafafu huɗu, domin mai ciwon gaɓa ba ya son naɗewa. In buhu ɗaya bai isa ba a haɗa biyu.

Ƙarƙashin buhun a shimfiɗa karan dawa ko tsohuwar tabarma, don raba shi da sanyin ƙasa da laima. Amma kada a ɗaga shi sama kamar gadon mutum. Shimfiɗar da sai an yi tsalle kafin a hau ta ba ta da amfani ga wanda tsalle ne ke masa ciwo.

Wurin da aka ajiye ta ma abin lura ne. Iskar hunturu daga gabas da arewa take busowa, don haka a sa shimfiɗar jikin bango ko zana ta yadda bangon zai tare iskar. In akwai inda hantsi ke sauka da wuri, can ya fi. Kada kuma a kai ta can bayan gida inda babu kowa. Kare zai bar katifa ya koma ƙasa in daga katifar ba ya ganin ƙofar da ya saba tsaro. Mutane da yawa sukan ce, mun yi masa shimfiɗa ya ƙi hawa. Sau da yawa laifin wurin ne. A sa ta daidai inda ya riga ya zaɓa da kansa, a ɗora tsumman da ya saba kwanciya a kai, a ba shi ƴan kwanaki.

Shimfiɗa mai datti kuwa gidan ƙuma ce da kaska, wani lokaci har da kunama. Bayan kwana biyu ko uku a kakkaɓe ta a shanya a rana. In ciyawar ta kwanta ta yi tauri, ko ta jiƙe, a zubar a sake sabuwa. Da bazara, in zafi ya wuce digiri 40, za ku ga ya bar buhun ya tona rami cikin rairayi mai sanyi. Ku ƙyale shi, ya san abin da yake yi, rairayi mai laushi ma shimfiɗa ne. Ku dai tabbata akwai inuwa da ruwan sha kusa, don kada ƙishirwa ta kama shi yana ƙyuyar tashi. Da damina a mai da buhun ƙarƙashin rumfa.

Me ya sa hutu kaɗai ke cutarwa

Nan ne na saɓa da masu ɗaure tsohon kare don tausayi. Guringuntsi ba shi da jijiyoyin jini. Abincinsa yana cikin ruwan nan mai yauƙi da ke cikin gaɓa, kuma motsi ne ke zagaya da ruwan. Gaɓar da ba ta motsi takan ƙara tauri. Sa'an nan naman cinya shi ke riƙe gaɓa kamar yadda dirka ke riƙe rumbu. In kare ya yi wata guda a ɗaure, naman ya ƙara motsewa, gaɓar ta rasa mai riƙe ta, ciwo ya ƙaru, shi kuma ya ƙara ƙin motsi. Da haka har wata rana ya kasa tashi sam, a ce tsufa ne, alhali igiya ce ta taimaka.

Gudu da tsalle da juyi na farat ɗaya su ma suna ɓarna, don suna dukan gaɓar da ba ta da abin tarewa. Abin da ya fi muni shi ne kare ya kwana shida kwance, ran kasuwa ya bi amalanke kilomita 10. Zai bi, don kare ba ya barin maigidansa, amma kwana uku zai yi yana biyan bashin. Haka farauta. In maharba sun yi shiri, sai a tsare tsohon a gida har su yi nisa, ko da zai yi ta kuka. Abin da ake so shi ne tafiya kaɗan, a hankali, kowace rana ba fashi.

Bari mu ɗauki misali. A ce kana da kare ɗan shekara 9, nauyinsa kamar kilo 18, yana tsaron garkarka a bakin gulbin Maradi. Ɗari ya shigo, ka lura sai ya yi yunƙuri biyu ko uku kafin ya miƙe, ƙafar baya ta hagu ita ya fi ɗagawa. Ka duba tafin ƙafa, babu ƙaya. Yana cin abinci, babu zazzaɓi, babu yawu.

Mako na farko ka yi masa shimfiɗa jikin zana. Kada ka tashe shi da asuba cikin sanyi, bari sai hantsi ya ɗaga. Ka jiƙa tsumma da ruwa mai ɗumi, wanda kai ma za ka iya riƙe hannunka a ciki, ka matse, ka ɗora a kwatangwalo kamar minti 10, sa'an nan ka goge wurin ya bushe. Ka shafa naman cinya da tafin hannu a hankali, ba matsa ba, ba jan ƙafa ba. In ya yi gurnani ko ya waiwayo da sauri, ka daina. Wannan aikin babba ne, ba na yara ba, don kare mai ciwo yakan ciji ko wanda ya sani. Bayan haka ku yi tafiyar minti 10, biyar zuwa, biyar dawowa. Da la'asar a sake haka. In ba ka da agogo, ka sa alama: wancan itacen, ko waccan rijiyar. Shi zai tsara taku, ba kai ba. Ku bi hanya mai ƙwari kuma miƙaƙƙiya. Ku kauce wa tudun rairayi mai nutsa ƙafa, da gangaren gulbi, da taɓo mai santsi kusa da rijiya.

Washegari da safe ita ce alƙali. In ya tashi kamar jiya ko ya fi jiya, tafiyar ta yi daidai. In ya fi jiya tauri, an yi yawa, sai a rage rabi na kwana biyu, amma kada a daina. A kan hanya ma yana faɗa maka: in ya fara zama baya, ko ya kwanta, ko yana jan farce a ƙasa, ku juya gida.

In mako na farko ya wuce lafiya, a mako na biyu a ƙara minti biyu ko uku ga kowace fita, haka a na uku. Zuwa ƙarshen wata wani kare zai kusanci minti 20 sau biyu a rana. Wani kuma zai tsaya a 12, nan ne iyakarsa, kada a tilasta. Ba a sa ran ya koma korar zomo. Abin da ake dubawa shi ne, yana miƙewa da yunƙuri ɗaya? Yana zuwa tarbarka bakin garka? Yana iya tsugunawa ya yi kashi ba ya faɗuwa? Da bazara sai a juya lokutan, a fita da sassafe da kuma bayan rana ta yi sanyi. Ka taka ƙasa da ƙafarka ba takalmi: in ta ƙone ka, shi ma za ta ƙone shi.

A duba farcensa. Karen da ya rage tafiya farcensa kan yi tsawo har ya karkatar da yatsu, takun ya ƙara lalacewa. A rage ɗan bakin kawai, don akwai jini cikin farce.

Game da abinci, kalma biyu. A birni, kamar Yamai ko Damagaram, ana samun karnuka masu ƙiba saboda sauran abinci, kuma kowane kilo na kitse kaya ne a kan gaɓa mai ciwo. In ka shafa gefensa ba ka ji haƙarƙari ba, a rage masa. A ƙauye kuwa akasin haka aka fi gani: ƙananan karnuka sun cinye tuwon kafin tsoho ya ƙaraso. A zuba masa nasa dabam, a tsaya har ya gama, a ɗan haɗa masa da abin da ke gina nama, kamar guntun nama ko kifi marar ƙaya. Ba a ba shi dafaffen ƙashin kaza, kuma ba a ba shi abinci mai yawan albasa, don albasa tana lalata jinin kare.

Ƙwayoyin kan tebur

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne wannan. Mutum ya ga karensa na ɗingishi, ya tuna ƙwayar da shi ke sha in ya gaji da noma, ya saya wurin mai tallan magani a kasuwa, ya cusa cikin tuwo. Niyyarsa alheri ce, amma jikin kare ba jikin mutum ba ne. Ibufurofen da dikulofenak suna yi wa kare miki a ciki, suna lalata ƙoda. Alamar ita ce amai, ƙin abinci, da kashi baƙi ƙirin kamar kwalta, wato jini ne ke zuba a ciki. Farasitamol in ya yi yawa yana lalata hanta. Ƙwayar da aka auna don mutum mai kilo 60 ba ta dace da dabba mai kilo 18 ba, tsohuwar dabba ma wadda ƙodarta ta riga ta gaji. Haka ƙona gaɓa da jan ƙarfe ko yin tsaga: ciwon yana cikin gaɓa, ƙuna a fata sai dai ta ƙara miki ga ƙudaje.

Akwai maganin rage ciwo da aka yi don karnuka, kamar melokisikam da karfurofen, kuma yana aiki ƙwarai. Amma likitan dabbobi ne ke ba da shi, bayan ya auna nauyin kare ya duba lafiyarsa, kuma ba a haɗa shi da wata ƙwayar ciwo. In an yi wata guda ana shimfiɗa da tafiya ba a ga sauƙi ba, ko gaɓa ɗaya ta kumbura ta yi zafi, ko kare ya daina taka ƙafa ɗaya sam, lokaci ya yi da za a kai shi ma'aikatar kiwo, ko a yi magana da ma'aikacinsu ran kasuwar dabbobi. Kumburi mai tauri a ƙashin ƙafa, wanda ke girma, ga tsohon kare yana iya zama ciwon daji, tafiya ba ta gyara shi.

Rana takan zo kuma da kare ba ya iya miƙewa ko an taimake shi, yana fitsari inda yake kwance, ya daina cin abinci. A lokacin nan a riƙa juya shi daga gefe zuwa gefe sau da yawa a yini don kada miki ya kama shi, a sake masa shimfiɗa duk sa'ad da ta jiƙe, a kai masa ruwa har baki. Kada a kai shi daji a yar, kada a ba shi guba, don mutuwar guba azaba ce, kuma gawar tana kashe ungulu da sauran dabbobin da suka ci ta. A kira likitan dabbobi ya duba, ya faɗi ko akwai sauran abin yi, ko kuwa a sawwaƙa masa da allurar da ba ta da azaba.